Baki Ya Riga Murya: Yadda Ake Gyara Bidiyon Waya Bayan An Juya Shi

Masu tace bidiyon biki da na wa'azi sun san wannan ciwon kai. An ɗauki taro da waya, a cikin wayar komai lafiya lau, baki na motsi murya na fita tare da shi. An kai fayil ɗin kwamfuta, an juya shi zuwa wani tsari don manhajar tacewa ta karɓa ko don a rage masa nauyi, sai a tarar farkonsa daidai, tsakiyarsa ya fara gocewa, kafin a kai ƙarshe mai jawabi ya rufe baki ya zauna amma muryarsa tana ta bayani. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su kama layin sautin su ja shi gaba ko baya. Da sun daidaita ƙarshe sai farko ya lalace, da sun koma farko sai ƙarshe ya sake kufcewa, haka za a kwana ana yi.

Abin da ya sa wannan jan ba ya aiki shi ne, a mafi yawan lokuta sautin ba shi da laifin komai. Hoton ne ya yi asarar lokaci a wurin juyawa. Wanda ya gane haka ya gama rabin aikin.

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, kowane ɗaya ana kiransa firam. Kyamarorin aikin fim suna ɗaukar adadin da ba ya canzawa, in an ce firam 25 a daƙiƙa to 25 ne daga farko har ƙarshe. Waya ba haka take ba. Ko da ka zaɓi 30, alkawari ne kawai ta yi maka na abin da za ta yi ƙoƙarin cikawa. In haske ya ragu, takan rage yawan firam don kowane ɗaya ya sami isasshen lokacin shan haske, kada hoton ya yi duhu. In ta yi zafi a hannu, ko aiki ya yi mata yawa, ko ma'adanarta ta kasa rubutawa da sauri, takan tsallake wasu. A iPhone ma akwai saitin da ake kira Auto FPS, wanda aikinsa ke nan: ya sauko da ɗauka daga 30 zuwa 24 in wuri ya yi duhu. Bidiyon da aka naɗo daga fuskar waya ya fi kowanne wannan hali, domin in babu abin da ke motsi a fuskar, wayar tana iya daɗewa ba ta rubuta sabon firam ba.

Wannan ba aibu ba ne, domin wayar ba ta barin abin haka kara zube. Kowane firam da ta rubuta tana manna masa hatimin lokaci, wato bayanin daidai lokacin da ya kamata a nuna shi. Manhajar kallo ta cikin waya, ko VLC a kwamfuta, tana karanta waɗannan hatimai: wannan firam a nuna shi yanzu, wancan a ɗan riƙe shi kafin a wuce. Shi kuwa sauti tafiyarsa ɗaya ce, ana auna shi sau 48,000 ko 44,100 a kowace daƙiƙa, ko da haske ko babu. Muddin ana bin hatiman, hoto da sauti za su isa ƙarshe tare.

Matsalar tana shigowa ne in manhajar da ta juya fayil ɗin ta yi watsi da hatiman, ta ƙirga firam kawai ta jera su a kan tazara ɗaya. Kamar mai awon gona da taku ne da ya ɗauka kowane takunsa mita ɗaya ne, alhali a wani wuri ya yi tsalle ya haye kwari. Ƙirgensa daidai ne, amma tsawon da ya fitar bai kai na gonar ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. An ɗauki jawabin waliyyin amarya a wurin walima, tsawon minti 20, waya tana kan 30. Minti 12 na farko akwai wuta, zauren da haske, wayar ta rubuta firam 21,600. Sai aka ɗauke wuta, aka yi minti 2 kafin a tada janareta. A wannan tsakanin wayar ta sauko 24, ta rubuta firam 2,880 a inda da za ta rubuta 3,600. Haske ya dawo, ta koma 30, ta ƙara 10,800 a minti 6 da suka rage. Jimla firam 35,280. Yanzu a ba wa manhajar da ba ta duba hatimi, wadda ta ɗauka kowace daƙiƙa firam 30 ce. Za ta raba 35,280 da 30 ta sami daƙiƙa 1,176, wato minti 19 da daƙiƙa 36. Sauti kuwa yana nan da minti 20 ɗinsa cif. Daƙiƙa 24 sun ɓace daga hoton, kuma duk sun ɓace ne a cikin waɗancan minti 2 na duhu.

Ga yadda abin zai kasance a idon mai kallo. Har zuwa minti na 12 babu abin da zai gani. Daga nan sai motsin mutane ya ɗan yi sauri, hannun mai jawabi yana wulgawa fiye da ƙima, murya tana ta zama a baya. A minti na 13 na fayil ɗin tazarar ta kai daƙiƙa 15. Daga minti 13 da daƙiƙa 36 sai ta tsaya a kan 24, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa har ƙarshe. Wasu manhajojin ma sukan yanke sautin a inda hoto ya ƙare, sai addu'ar rufe taro ta tafi gaba ɗaya.

A fara gane irin gocewar

Kafin a taɓa komai, a fara cire abin sauraro na Bluetooth a saurara ta lasifikar kwamfuta ko ta mai igiya, domin shi kansa yana jinkirta sauti, kuma mutane da yawa sun ɓata fayil mai lafiya suna gyaran abin da ke kunnensu. Sannan a duba wurare uku aƙalla: farko, tsakiya da ƙarshe. A nemi abu mai kaifi, kamar tafi, ko rufe ƙofa, ko bugun makirfo. In babu, a kalli leɓɓan mai magana a kan kalmomin da ke da b da m, irin su “baba” ko “amma”, inda leɓe ke haɗuwa a fili. A VLC, maɓallan j da k suna matsar da sauti gaba ko baya da kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowace dannawa, don haka in tazarar ƙarama ce ana iya auna ta a rubuta.

In tazarar ɗaya ce a wuraren uku, wannan ba gocewa ba ce, sautin ne kawai ya fara a makare ko da wuri, kuma jan layin sau ɗaya ya wadatar. In tana ƙaruwa a hankali kuma a kan tsari, misali a tsakiya rabin ta ƙarshe ce, to an yi kuskuren adadi ne tun daga tushe. Wanda aka fi gani shi ne a ɗauki 29.97 a matsayin 30. Bambancin kashi ɗaya ne cikin 1,000, ba ya ko ganuwa a bidiyon minti biyu, amma a karatun awa guda yana tara daƙiƙa 3.6. In kuwa tazarar tana zama shiru na wani lokaci sannan ta yi tsalle, irin na misalinmu, to hatiman lokaci aka zubar.

Ido ba ya buƙatar tazara mai yawa kafin ya lura. Ma'aunin da masu aikin talabijin ke amfani da shi yana nuna cewa in sauti ya riga hoto da kusan kashi 45 cikin 1,000 na daƙiƙa an fara ganewa, in kuwa ya makara sai ya kai kusan 125. Mun saba ganin abu kafin mu ji ƙararsa, shi ya sa muke yi wa makara uzuri fiye da rigaye. A bidiyo mai firam 30, wannan yana nufin kuskuren firam biyu zuwa huɗu ya isa ya dami mai kallo.

Don tabbatarwa, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo. A buɗe fayil ɗin asali da ita, a nemi layin Frame rate mode. In an ga Variable, a duba Minimum frame rate da Maximum frame rate da ke ƙarƙashinsa. Sai dai a yi hattara, kusan duk bidiyon waya zai nuna Variable, ko da bambancin ɗan mitsitsi ne da ba zai cutar da kowa ba. Abin dubawa shi ne matsakaicin adadin: in an ɗauka a 30 amma layin Frame rate yana nuna 29.4, akwai firam da yawa da ba a rubuta ba. Wanda ke da FFmpeg yana iya ganin komai da umarni ɗaya:

```
ffprobe -v error -show_entries stream=codec_type,duration,nb_frames,avg_frame_rate asali.mp4
```

A gudanar da shi a kan fayil ɗin asali, a sake a kan wanda aka juya. A na asali, tsawon hoto da na sauti za su zo kusan ɗaya, wajen 1200. A wanda ya lalace, hoto zai nuna 1176, sauti 1200, adadin firam kuwa bai canza ba. Wannan rashin canzawar ita ce shaidar. Juyawa ta gaskiya dole ta ƙara firam.

Gyara na ainihi: a koma asali

In fayil ɗin asali yana nan, a jefar da wanda ya lalace, kada a ɓata minti ɗaya a kansa. A sake juyawa da manhajar da ke bin hatimai. Abin da irin wannan manhaja ke yi mai sauƙi ne: tana shimfiɗa gurabe 30 a kowace daƙiƙa, sannan a kowane gurbi ta duba wane firam ne hatiminsa ya fi kusa da wannan lokacin ta saka shi. Inda firam suka yi ƙaranci ta maimaita, inda suka yi yawa ta zubar da rarar. A minti 2 ɗinmu na duhu, bayan kowane firam huɗu za ta maimaita ɗaya, har ta cike 720 da suka rasa. Jimla ta koma 36,000, wato minti 20 daidai, kuma ba a taɓa sautin ba.

HandBrake kyauta ce kuma tana yin wannan da kyau, amma akwai tarko a cikinta. A shafin Video, a wurin Framerate (FPS) a zaɓi 30, sannan a ƙarƙashinsa a tabbatar an danna Constant Framerate. Yawancin saitukanta na shirye suna zuwa ne a kan Peak Framerate, wanda ma'anarsa kada a wuce 30 amma an yarda a sauko ƙasa, don haka fayil ɗin zai fito da halinsa na da. Mutane da yawa sukan rantse sun bi ta HandBrake amma matsalar ba ta tafi ba, kuma in ka duba nan ne suka yi tuntuɓe. Ingancin hoto kuma a sa RF tsakanin 18 da 20, tunda za a sake matse bidiyon bayan an tace, kada a fara da mai rauni.

Da FFmpeg, umarnin shi ne:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -af aresample=async=1:first_pts=0 -ar 48000 -c:a aac -b:a 192k gyararre.mp4
```

Sashen `fps=30` shi ke cike gurabe bisa hatimai. Sashen `aresample` yana kula da sauti: in akwai ɗan giɓi a cikinsa ya cike da shiru, in bai fara daga sifili ba ya daidaita masa farko. Akwai kuskure ɗaya da ya kamata a sani domin yana yawo sosai a tsakanin masu koyo, wato a rubuta `-r 30` kafin `-i`. A wannan wurin, ma'anarsa ita ce a yi watsi da hatiman da ke cikin fayil a ƙirƙiri sababbi a kan 30, wanda shi ne ainihin abin da ke haifar da cutar. In aka rubuta shi bayan sunan fayil ɗin shigarwa, ma'anarsa ta juya, ya zama umarnin maimaitawa da zubarwa. Harafi ɗaya da lamba ɗaya, amma wurin zamansu ne ke raba gyara da ɓarna.

Wane adadi za a zaɓa? Wanda aka saita wayar a kai, ba matsakaicin da MediaInfo ta nuna ba. In an ɗauka a 30 a sa 30, in a 60 a sa 60. Kada a sa 29.4 don an ga shi a rubuce, domin hakan zai sa a riƙa zubar da firam a wuraren da suke lafiya. In aikin gaba ɗaya a kan 25 yake saboda babbar kyamara, ana iya juyawa zuwa 25, sauti zai zauna daidai, amma za a zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, kuma za a ga ɗan tsalle-tsalle in kyamara tana juyawa gefe. Ni dai na fi son a bar shi a 30 in har wayar ce ta ɗauki mafi yawan aikin.

Akwai farashin da ake biya. Firam ɗin da aka maimaita ba sabon hoto ba ne, don haka a wurin duhun motsi zai ɗan riƙa cijewa. A jawabin mutum a tsaye da ƙyar a lura, a rawa ko wasan ƙwallo za a gani. Babu yadda za a yi, abin da wayar ba ta ɗauka ba babu shi. Amma cijewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba ta fi muryar da ta makara da daƙiƙa 24 nesa ba kusa ba. Haka kuma in an ɗauki bidiyon da HDR, kamar yadda sababbin iPhone ke yi in ba a kashe ba, juyawa kai tsaye kan sa launi ya fito a koɗe. Wannan wata matsala ce daban, amma gara a duba launin kafin a juya fayil ashirin a jere.

Wanda ya riga ya yanka aikinsa a kan lalataccen fayil ya sani cewa in ya musanya shi da gyararre, duk yankan da ya yi bayan minti na 12 zai faɗo a wani wuri daban, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu Premiere Pro kuma suna da wata hanya: in an shigar da fayil ɗin asali kai tsaye, manhajar tana da zaɓi biyu ga irin wannan bidiyo, Preserve Audio Sync da Smooth Video Motion. Na farkon ne ke riƙe baki da murya tare. Na biyun yana nuna kowane firam sau ɗaya don motsi ya yi santsi, ya bar sauti ya goce. Duk da haka, ga ɗauka mai tsawo, juyawa tun kafin a fara yanka ta fi kwanciyar hankali, musamman in za a haɗa ta da wata kyamara.

In asalin ya ɓace

Sau da yawa mai wayar ya goge bidiyon don ya sami wuri, abin da ya rage shi ne lalataccen. Nan hatiman sun tafi, babu manhajar da za ta dawo da su, sai aikin hannu.

In gocewar mai tsari ce, irin ta 29.97 da 30, lissafi ɗaya ya isa. A raba tsawon sauti da tsawon hoto, abin da ya fito shi ne saurin da za a ba sautin. A bidiyon awa guda, 3,600 a raba da 3,596.4 ya ba da 1.001:

```
ffmpeg -i lalatacce.mp4 -c:v copy -af atempo=1.001 gyararre.mp4
```

Wannan yana gajarta sautin ba tare da ya canza kaurin murya ba, kuma ba a sake matse hoton.

Amma a gwada wannan dabara a kan jawabin waliyyi a ga abin da zai faru. 1,200 a raba da 1,176 ya ba da kusan 1.02. Farko zai yi daidai, ƙarshe zai yi daidai, mai gyara ya yi murna ya miƙa aiki. A minti na 12 kuwa, inda a da babu matsala ko kaɗan, yanzu murya ta riga baki da fiye da daƙiƙa 14. An ɗauki ɓarnar minti 2 an shafa ta a kan minti 20. Shi ya sa duba tsakiya ya zama dole, kafin gyara da bayansa.

Hanyar da ta dace ita ce a nemo inda gocewar ta fara da inda ta tsaya. A raba hoto da sauti a layin tacewa, a kulle sautin kada ya motsa, domin shi ne agogon gaskiya da ya rage. A riƙa auna tazarar kowane minti ana rubutawa a takarda: sifili, sifili, sifili, sai ga 15, sai ga 24, 24, 24. Hoton ma yana taimakawa, domin inda ya yi duhu ko motsi ya yi sauri nan ne wurin. A yanka hoton a 12:00 da kuma 13:36. Wannan guntu tsawonsa daƙiƙa 96 ne, alhali ya kamata ya zama 120, wato 96 ɗin da 24 da suka ɓace. A raba 96 da 120, a sami 0.8, a sa saurin guntun a kashi 80 cikin 100. Zai miƙe ya cika minti 2, sauran hoton ya matsa gaba ya zauna a kan muryarsa. In wayar ta sauko sau biyar a wurare biyar, sau biyar za a yi wannan. In kuwa ta yi ta hawa da sauka ba tsari, kamar yadda take yi in ta yi zafi, ba za a sami daidaito cikakke ba. Abin da ake yi a nan shi ne a daidaita wuraren da fuskar mai magana ke kusa, a rufe sauran da hoton mahalarta ko na zauren, inda ba a ganin leɓe.

Mai ɗauka yana iya rage wa mai tacewa wannan wahala tun daga wurin taro. A iPhone a shiga Settings, Camera, Record Video a kashe Auto FPS. A samar da haske ko da fitilar caji ce, a cire wa wayar riga in ɗaukar za ta yi tsawo don kada ta yi zafi, a kuma tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farko da ƙarshe don a sami abin aunawa. Wajen turawa, in ta WhatsApp ne a tura a matsayin Document, domin in aka tura shi a matsayin bidiyo manhajar tana sake matse shi, abin da zai iso ba asali ba ne. Kuma kada mai wayar ya goge nasa sai mai tacewa ya juya fayil ɗin, ya duba farko da tsakiya da ƙarshe, ya ce masa ya zauna.